Da wa ake magana a gaban makirufo?

Tambaya: Malam, ina gabatar da shirin lafiyar iyali a wata tashar FM a Katsina. Shugaban sashenmu ya ce in daina yawan cewa "jama'a masu sauraro", wai in riƙa magana kamar da mutum ɗaya. To ai dubban mutane ke ji, maza da mata. In na ce "kai" na bar mata, in na ce "ke" na bar maza. Yaya zan yi?

Amsa: Ƙanwata, shugabanki ya yi gaskiya. Dubban nan ba a fili ɗaya suke ba. Wata tana tsakar gida tana tankaɗe, wani yana tuƙa a-daidaita-sahu, wani tela ne rediyo na gefen kekensa. Ko a teburin mai shayi, inda mutum goma ke jin akwati ɗaya, kowa da abin da ya dame shi yake saurare. Da kin ce "jama'a", kowannensu sai ya ɗauka da sauran ake. Wannan darasi ya tsufa. A 1931 Arthur Godfrey, wani mai gabatar da shirin rediyo a Amurka, ya yi jinyar haɗarin mota, yana kwance yana jin masu gabatarwa suna magana kamar suna kan mumbari, alhali shi kaɗai ne a ɗakin. Da ya koma aiki sai ya sauya salo, kuma da shi ya yi suna.

Maganar "kai" da "ke" kuwa, kafin ki zaɓi ɗaya ki yanke shawarar wanda zai aikata abin da kike faɗa. Ɗauki batun gudawar yara. Yawanci haka ake rubutawa: "Ana kira ga iyaye mata da su tabbatar suna bai wa yaransu ruwan gishiri da sukari a duk lokacin da suka kamu da gudawa." Babu kuskure a ciki, amma babu wadda aka kira. Gwada haka: "Uwar gida, in yaronki ya fara gudawa, kada ki jira ya galabaita. Ki samo ƙunshin gishiri da sukari na asibiti, ki zuba shi duka a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ki riƙa ba shi kaɗan-kaɗan. In yana shan nono, kada ki daina." Kin ga jimlolin sun gajarce da kansu, kuma aikin ya jeru yadda hannu zai yi shi. Ba ki kori maza ba, domin mutum yana kasa kunne sosai in ya ji ana yi wa wani magana a kusa da shi. Sannan sai ki juya: "Kai kuma maigida, in ka ga idon yaron ya faɗa ko ya kasa shan komai, asibiti za ku tafi yanzu, ba gobe ba." Kowa ya sami nasa, bi da bi. Abin da nake hana masu koyo shi ne "ka ko ki" a kowace jimla, don kunne ba ya jure shi.

"Ku" ma bai haramta ba. Akwai "ku" na girmamawa, irin wanda kike yi wa surukarki, kuma mutum ɗaya yake nufi. Abin da ke mayar da shi na taro shi ne kalmomin da ke rakiyarsa: "dukkanku", "wasu daga cikinku", "duk inda kuke a faɗin jiha". Cire su. "Mai sauraro" kuma yana ɗaukar namiji da mace, sai dai ya isa a farkon shiri da bayan talla. In ya yawaita ya zama waƙa.

Akwai inda ba a yin wannan salon. Labaran duniya da sanarwar rasuwa a bar su yadda aka saba. Haka abin da ke da kunya ko zargi: "in kina da ciwon sanyi" yana iya sa matar da ke zaune kusa da kishiyarta ta kashe rediyo. A nan ki koma "wata mata" ko "idan mace ta ga alama kaza", sai kin zo kan inda za a nemi magani ki dawo da "ki".

Murya ce ke tona asiri. Mai magana da taro tana ja da baya daga makirufo, ta ɗaga murya, ta riƙa jan ƙarshen jimla. Ki zauna kamar tsawon tafin hannu daga makirufo, ki sa wata takamaimiya a ranki, misali yayarki mai goyo, ki karanta mata. Daga baya ki saurari abin da aka naɗa a wayarki. Duk jimlar da ba za ki iya faɗa wa yayar taku a kan tabarma ba tare da ta yi miki dariya ba, ki sake rubuta ta.