Wasannin ranar farko a ajin nazare

Tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. An ba ni ajin nazare 1 a bana, yara 24 'yan shekara uku, kuma ban taɓa riƙe ƙananan aji ba, firamare na saba. Don Allah wane wasa zan yi musu ranar farko su daina kuka su saba da juna?

Wa alaikumus salam Malama, Allah ya ba ki haƙurin zama da su. Na kai shekara tara a wannan ajin, bari in faɗa miki yadda nake yi da kuma inda na sha kunya.

Kafin maganar wasa, ranar ki tsaya bakin ƙofa da biro da takarda, duk wadda ta kawo yaro ki tambaye ta sunan da ake kiransa a gida. Kin san halinmu, a rajista Muhammad ne ko Fatima amma an yi wa kaka takwara, ba mai iya kiran sunan, yaro ya tashi shi dai Abba ya sani ko Khalifa, yarinya Ummi ko Walida. Ki yi ta kiran Muhammad yaro na kallonki kamar da wani kike, ki ce ko ba ya ji ne, alhali bai san shi ne ba. Kuma za ki iya samun Abba uku a aji ɗaya, to tun ranar ki ƙara wa kowa abin da zai bambanta shi.

Shekarata ta farko na shirya wasan kujeru, wanda ake zagayawa in an daina waƙa kowa ya nemi wurin zama, wanda ya rasa ya fita. Na ɗauka na gama burgewa, har da balan-balan na hura. Wallahi zagayen farko yaron da ya rasa kujera ya fashe da kuka, ɗan shekara uku ina ya san "ka fita" wasa ne, shi dai an kore shi. Ana cikin haka balan-balan ɗaya ta fashe, ajin gaba ɗaya ya ɗauka, har daga ofis sai da aka leƙo. Tun daga nan duk wasan da ake fitar da wani ko ake cewa wane ya ci na ajiye shi sai zango na biyu. Wasan ɓuya ma haka, ba a ce wa yaron da bai san wuri ba ya rufe ido.

Yanzu da safe ba na fara komai na taro. Yara ba sa zuwa lokaci ɗaya, daga bakwai da rabi har wajen takwas da rabi ana ta shigowa, to sai in shimfiɗa tabarma uku ko huɗu, kowace da kayanta, wata kofunan roba da cokula, wata 'yar tsana da ƙyallaye, wata kwalaye da motoci. Kada ki sa murfin kwalba ko wake ko tsakuwa, baki da hanci suke kai su. Abu guda kuma ki sa shi da yawa, mota ɗaya a gaban yara biyar rigima ce kawai. A shekarun nan yawanci ba wasa tare suke yi ba, kusa da juna suke yi, wannan na juya kofinsa wancan na juya nasa suna satar kallon juna, kuma daga nan sabawa da juna ke farawa, don haka kada ki matsa da "ku yi wasa tare".

Sai wajen ƙarfe tara in an ɗan lafa nake yin wasan ƙwallo. Mu zauna a ƙasa har ni, ƙafafu a buɗe, ba duka 24 ba, rabi ni rabi mai taimaka min, don in da'irar ta yi girma kafin layi ya zo kan na ƙarshe ya tashi ya tafi. In gangara ƙwallo a ƙasa, ba jifa ba, in ce "ƙwallo ta je wurin Ummi", kowa ya tafa ya ce Ummi, ita ma ta turo min. Kada ki ce yaro ya tashi ya faɗi sunansa, wannan na manya ne, ke ki faɗa masa. Zagaye na biyu sai in ce Ummi tura wa Abba, in nuna shi da hannu. Minti biyar zuwa bakwai ya isa, ki tsaya tun suna so.

Bayan shi sai jirgin ƙasa. Bibbiyu nake haɗa su, in ɗaura wa kowane biyu ƙyalle kala ɗaya a hannu, sako-sako, in ce nemo mai irin naka, su riƙe hannu mu tafi muna kukan jirgi. Tashar farko banɗaki, sai wurin ruwa, sai inda ake ajiye jaka, sai bakin get inda Mama za ta tsaya in ta zo. Wannan yana rage fitsari a wando sosai, don da yawa ba su san inda za su je ba ne kuma suna tsoron tambaya. Wanda aka haɗa ka da shi kuma da shi za ka zauna cin abinci. In kin ji 'yan unguwa ɗaya ne ko Adaidaita ɗaya ke kawo su, haɗa su, amma kada ki haɗa masu kuka biyu.

Akwai wani yaro da ba na mantawa. Ya ƙi cire jaka ya ƙi zama, yana tsaye jikin ƙofa yana kuka da fulas a ƙirji. Mai taimaka min ta so ta karɓi jakar na ce bar masa, ita kaɗai ce abin gida da ya rage masa. Ban ɗauko shi ba, mu muka matsar da tabarmar kusa da ƙofar. Na lura yana kukan amma idonsa na bin ƙwallon, wannan ita ce alamar, in yaro na kuka yana kallo to ya kusa. Sai na yi kamar kuskure na tura ta ta bugi takalminsa, ban kira sunansa ba ban kalle shi ba. Ya sa ƙafa ya ture ta da fushi, ta faɗa wurin wata yarinya mai surutu, ita kuwa ta ɗauka wasa ne ta sake turo masa. Sau huɗu suna haka. Lokacin burek ya zauna kusa da ita da jakarsa a baya, sai ranar Laraba ya ajiye ta da kansa.

Iyaye kuma ki roƙe su kada su sulale, su yi sallama a gajarce su tafi. Ke ma kada ki ce "yanzu za ta dawo", ki ce in mun ci abinci mun yi waƙa Mama za ta zo, shi yaro da abin da ya biyo abu yake gane lokaci. Zancen dodo da allura da bulala kam ba ranar ba.

Sannan ki sa ido kan mai shiru. Mai ihu kowa na kansa, amma wadda ta lafe a lungu ba kuka ba motsi ba ta ci ba ta sha, ita ake mantawa, wani lokacin ma ba Hausa ko Turanci ake yi a gidansu ba, ƙwallon nan ita ce yaren da za ku fara da shi. Yawanci cikin sati ɗaya zuwa biyu kukan safe ke raguwa, kuma ranar Litinin ta biyu yakan ɗan dawo, kada ki tsorata. Wasannin nan dai su za ki maimaita duk satin, kada ki canja. In an wuce sati uku yaro bai ci a makaranta ba, ko ba ya waiwayowa ko da sunan gida, ki zauna da mamansa ku yi magana.