Daga SAT ake tasowa, ba can ake komawa ba

Tambaya: Malam, an ce mu nuna CLIQUE tana cikin NP-complete. Na mayar da ita zuwa SAT, aka ce na kuskure. Ina matsalar take?

Amsa: Ɗalibi, ka juya akalar ne. SAT tana tambaya ko za a iya raba wa haruffa gaskiya da ƙarya har kowane sashe ya cika, CLIQUE kuma ko akwai ɗigo k da kowanne ke haɗe da sauran. Aikinka ya nuna cewa CLIQUE ba ta fi SAT wuya ba, kuma wannan tsohon labari ne: tun 1971 Stephen Cook ya tabbatar cewa duk matsalar da ke cikin NP ana iya mayar da ita SAT, Leonid Levin ma ya cimma haka a nasa ɓangaren. Abin da ake nema gare ka shi ne ka ɗauki wadda aka riga aka san wuyarta, ka mayar da ita taka, ta yadda duk mai iya warware CLIQUE da sauri ya warware SAT ke nan. CLIQUE na cikin matsaloli 21 da Richard Karp ya bi da su ta wannan hanya a 1972.

An fi tasowa daga 3SAT, domin kowane sashe harafi uku ne kacal. Ga misali:

```
(x ∨ y ∨ z) ∧ (¬x ∨ ¬y ∨ z) ∧ (x ∨ ¬y ∨ ¬z)
```

Kowane harafi ka yi masa ɗigo, ɗigo 9 ke nan a rukuni 3. Sai ka ja layi tsakanin duk ɗigo biyu da ba rukuninsu ɗaya ba, in dai ba kishiyoyi ba ne kamar x da ¬x. Tambayar ta koma ta CLIQUE: akwai ɗigo 3 da kowanne ke haɗe da sauran?

Ka ba x gaskiya, y kuma ƙarya. Ɗauki x a rukunin farko, ¬y a na biyu, x a na uku. Ba mai karo da wani, don haka duk a haɗe suke.

Nan ne ɗalibai kan ajiye alƙalami, alhali rabin hujja aka yi. Dole ka dawo ta baya. Idan an samu ɗigo k haɗe da juna, k kuwa ita ce yawan sassa, to kowane rukuni ya ba da ɗaya tak, tunda babu layi a cikin rukuni. Babu kishiyoyi a cikinsu, saboda haka za a iya ba su gaskiya gaba ɗaya, kowane sashe ya cika. Harafin da bai shiga ba, ba shi abin da ka ga dama. Da ka ja layi a cikin rukuni, hujjar nan ta rushe, domin sashe ɗaya zai iya ba da ɗigo uku ya bar sauran fayau.

Batun lokaci mai sauƙi ne: ɗigo 3k, layuka ƙasa da 9k², folinomiyal ke nan. Ka lura ginin bai taɓa neman amsar 3SAT ba, fasali kawai ya sauya mata. In ginin naka sai ya gwada kowane rabon gaskiya da ƙarya, ya lalace.

Kada kuma ka manta da nuna CLIQUE na cikin NP: a miƙo maka ɗigo k, ka duba layin da ke tsakanin kowane biyu. In babu wannan, NP-hard kawai ka tabbatar.