Makin wuya da makin kyan yi: shin muguwar rawa takan ci gasa?

Tambaya daga wani mai karatu a Agege, Legas: "Malam, na kalli gasar wasan alkafura na ga wata ta faɗo daga kan katako amma ta doke wadda ba ta faɗi ba. A allo an rubuta D da E. Me za mu kira su da Hausa? Kuma ina maganar 'da muguwar rawa gara ƙin tashi' ta kwana?"

Ɗan'uwa, D mu kira shi makin wuya. Mun zaɓi "wuya" a kan "wahala" domin wahala abin da mutum ya sha ne, wuya kuwa siffar aikin ce, ko mai yin sa ya ji jiki ko bai ji ba. A lura da karin sauti: wuyan jiki sama ake farawa a sauko, wuyar aiki ƙasa ake farawa a hau. E kuma wasu kan ce makin aiwatarwa, amma wannan kalmar ofis ce, ba ta nuna inganci. "Kyan yi" ya fi, kamar yadda muke cewa kyan gani.

Tun 2006 hukumar wasan alkafura ta duniya, FIG, ta raba makin gida biyu, kowane da alƙalansa. Makin wuya daga sifiri yake tashi, ba shi da iyaka. Alƙalai biyu ne ke rubuta kowane motsi, kuma kowane motsi da farashinsa a littafin doka: A 0.1, B 0.2, C 0.3, haka har sama. A wasan mata a kan katako, mai faɗin santimita 10, motsi takwas mafi tsada ake ƙirgawa, har da na sauka. Akwai kuma sharuɗɗa huɗu na tsarin wasa, kowanne 0.5, sai ƙarin 0.1 ko 0.2 ga wadda ta haɗa motsi masu wuya ba tsayawa.

Makin kyan yi kuwa daga 10 yake farawa ana zaftarewa, kamar kwandon tumatir a kasuwar Mile 12 da ake yi wa kuɗi sannan a rage na ruɓaɓɓu. Ƙaramin kuskure, irin ɗan tangaɗi ko ɗan taku bayan dira, 0.1 ne. Matsakaici 0.3, babba 0.5, faɗuwa maki ɗaya cur.

Mu ɗauki misalin 'yan wasa biyu. Ta farko ta yi motsi ɗaya na 0.5, uku na 0.4, huɗu na 0.3, wato 2.9. Ta cika sharuɗɗa ta sami 2.0, haɗi ya ba ta 0.2, makin wuyarta 5.1. A ce alƙalan kyan yi biyar ne, sun zaftare 1.4, 1.6, 1.7, 1.8 da 2.1. Sai a jefar da na sama da na ƙasa don kada mai tsanani ko mai sassauci ya ja sakamakon, a ɗauki matsakaicin ukun tsakiya, 1.7. Ya rage 8.3. Jimilla 13.4.

Ta biyu ta zo da wuya 6.4. Ƙananan kurakuranta 1.6, faɗuwa 1.0, saura 7.4. Jimilla 13.8. Ratar 1.3 da ta shigo da ita ta haɗiye faɗuwar, har da canji. Abin da ka gani ke nan, kuma ba maguɗi a ciki. Karin maganar da ta dace da ita ita ce "kowa ya ci zomo ya ci gudu".

Amma taka karin maganar ba ta mutu ba, wurin zamanta ne daban. "Muguwa" a nan ba mugunta take nufi ba, rawar da ba a iya ba ce, wadda ke jawo wa mai ita kunya. A ce ta farkon ta yi kwaɗayi ta sa motsin da bai zauna mata ba don neman ƙarin 0.2. Idan ta faɗi, wuya 5.3, kyan yi 7.3, jimilla 12.6, ƙasa da 13.4 ɗin da take da shi a hannu. Abin ma yakan fi haka muni, domin kuskure ɗaya kan ci gida biyu. Idan ƙafarta ba ta taɓa saman katakon ba kafin ta faɗo, alƙalan wuya ba za su ƙirga motsin ba sam, haɗin da ya dogara da shi ma ya tafi. Haka juyin da bai cika ba, da farashin na ƙasa da shi ake biyan sa.

Akwai ragi na uku da ake cirewa daga jimilla kai tsaye, kamar wuce daƙiƙa 90 a kan katako, ko fita daga layi a wasan ƙasa: ƙafa ɗaya 0.1, biyu 0.3. Mai horarwa yana da damar ƙalubalantar makin wuya, tunda lissafi ne da za a iya sake dubawa a bidiyo. Makin kyan yi ba a ɗaukaka ƙara a kansa.