Na fara shan maganin kitsen jini, yaushe zan koma gwaji?

Tambaya: Shekarata 54, ina da ciwon suga. Gwaji ya nuna LDL ɗina, wato mummunan kitsen jini, ya kai 160, likita ya ɗora ni kan atorvastatin miligiram 20, yau mako biyu ke nan. Wani abokina ya ce in riƙa gwaji duk wata, ko in sayi injin gwadawa a gida. Kuɗin gwajin ba kaɗan ba ne. Yaushe ya kamata in maimaita, kuma saukar nawa zan sa rai? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Malam, ajiye kuɗinka tukuna. Maganin nan yakan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin ya gama nuna iyakar ƙarfinsa, don haka gwajin da aka yi kafin nan asara ne. Ƙa'idar ƙungiyoyin likitocin zuciya na Amurka ta 2018 ta ce a maimaita tsakanin mako 4 zuwa 12 bayan fara magani ko canza yawansa. Ta Turai ta 2019 ta ce wajen mako takwas. Ni dai da za ka bi ta tawa, ka je idan ka cika wata biyu. In sakamakon ya kai inda likita yake so, sai a tsawaita zuwa wata uku, ko shida, daga baya ma sau ɗaya a shekara ya wadatar muddin ba a taɓa maganin ba.

Batun sauka kuwa, da kaso ake lissafa shi, daga inda ka taso. Atorvastatin miligiram 10 zuwa 20 yana cikin masu matsakaicin ƙarfi, waɗanda ake sa ran su rage LDL da kashi 30 zuwa 49 cikin ɗari. Kai da ka fara da 160, kashi 30 ya zama 48, ka ga an sauko 112. In maganin ya karɓe ka sosai, za ka iya ganin wajen 85 ko 90. Duk abin da ya faɗo tsakanin nan, magani ya yi aikinsa. Masu ƙarfi sosai, wato atorvastatin 40 zuwa 80 ko rosuvastatin 20 zuwa 40, su ne ke rage rabi ko fiye.

Abin da ke ba mutane mamaki shi ne ninka ƙwaya ba ya ninka amfani. In aka mayar da kai daga 20 zuwa 40, ƙarin saukar da za a samu wajen kashi 6 ne kacal, a lissafinka kusan maki 10. Shi ya sa idan tazarar da ta rage tana da yawa, likita kan ƙara wani magani daban mai suna ezetimibe, wanda ke ƙara rage wajen kashi 20 na abin da ya saura. Kada ka ƙara wa kanka ƙwaya don lamba ba ta yi maka daɗi ba. Inda za a tsaya ya danganta da ko ciwon sugan ya taɓa ƙoda ko jijiyoyin zuciya, wannan kuma likitanka ne zai yanke.

To, in ka koma ka tarar da 145 fa? Wannan bai kai kashi 10 ba, kuma bambanci irin wannan yana iya fitowa tsakanin gwaji biyu ko ba a sha komai ba. Abin da aka fi samu shi ne tsallake shan magani, musamman in kati ya ƙare ana jiran albashi. Faɗa wa likita gaskiya, don kada ya ƙara maka ƙarfi a banza. Bayan wannan sai a duba ingancin ƙwayar, ko tana da lambar NAFDAC kuma daga amintaccen kantin magani ta fito, sannan a bincika raunin maƙoshin nan da ke sarrafa kuzarin jiki, wanda takardar gwaji ke rubuta TSH, da kuma zubar furotin a fitsari.

Ka kula da ma'auni. Wasu ɗakunan gwaji suna rubuta mg/dL, wasu mmol/L. Maki 160 ɗinka na mg/dL daidai yake da kusan 4.1 a mmol/L, don ana rabawa da 38.7. Ka yi ƙoƙari ka koma inda aka yi maka na farko, ka tafi da tsohuwar takardar. Yawancin ɗakunan gwaji lissafa LDL suke yi daga sauran lambobin, kuma lissafin yana lalacewa idan wani nau'in kitsen jini da takarda ke rubuta TG ya haura 400 mg/dL, abin da kan faru ga mai sugan da bai daidaita ba. In an ce ka zo ba ka ci abinci ba, awa 9 zuwa 12 ake nufi, ruwa ba laifi, amma ka tambayi likita yadda za ka yi da maganin suga a safiyar. In kana fama da zazzaɓi mai tsanani, ɗaga gwajin sai ka warware.

Injin gida kuwa ban ba ka shawarar saye ba. Da yawansu jimillar kolestarol kawai suke nunawa, ba LDL ba, kuma tsinkayen gwajinsu za su lalace a durowa kafin ka yi amfani da rabinsu. Kuɗin nan ka sa shi a maganin wata uku, don kada ya yanke maka.