Kaskar kare ta shiga ɗakin yara

"Assalamu alaikum. Ina Gusau, muna da karen gadi. Kaska ta cika masa kunne da wuya, na yi masa wankan magani sau 2 amma tana dawowa. Yanzu har a bangon ɗakin da yara ke kwana muke ganinta. Yaya zan yi?"

Wa alaikumus salam, Malam. Ba maganinka ne ya gaza ba, inda ka zuba shi ne bai kai ba. Na sha wannan wahalar a gidanmu na Kaura Namoda kusan wata 4 kafin wani likitan dabbobi ya nuna mini abin da nake tsallakewa.

Irin kaskar da ke kama kare a gida, ja-ja ɗin nan mai duhu, ba irin ta shanu ba ce da ake kwasowa a makiyaya. Ita a cikin gini take rayuwa. Sau 3 kacal take hawa jikin kare a rayuwarta, kowane hawa ta yi 'yan kwanaki tana shan jini, ta faɗo, ta nemi tsagar bango ta ɓuya. Ta macen, wadda kake gani ta kumbura ta yi toka-toka kamar ƙwayar wake, idan ta ƙoshi sai ta saki karen ta bi bango ta yi sama, domin ita hawa take so. A cikin tsaga take zuba ƙwai, dubbai a lokaci guda, sannan ta mutu. Da zafin garuruwanmu, mako 2 zuwa 3 sun ƙyanƙyashe. 'Ya'yan ba su kai ƙwayar riɗi ba, sai ka zuba ido sosai ka ga bango kamar yana motsi. To ka ga wanka na kashe na jikin kare ne kawai, rumbun yana nan cikin bango.

Ni namu karen a zaure yake kwana, bango ɗaya da ɗakin samari. Da likitan ya ce in duba sama, sai na ɗauki tocila da dare na haska inda bango ya haɗu da azara. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Manya jere cikin tsaga, ga curin ƙwai ja-ja a bayan ƙyauren ƙofa da ƙarƙashin wani tsohon buhu da muka shimfiɗa masa. Kai ma fara da wannan dubawar yau: saman bango, bakin taga, bayan ƙofa, ƙafafun gado, gefen tabarma.

Game da cirewa, kada ka fizge da yatsa, kada kuma ka fasa ta da farce. Jinin cikinta na iya ɗauke da cuta, ga shi hannu ba ya rasa ɗan rauni. Sa safar hannu ko leda, wannan ma ya raba ka da damuwar taɓa kare. Nemi matsefata ko hantsaki mai siririn baki, wani ya riƙe maka kan karen, ka kama kaskar daf da fata, wajen bakinta, ba a cikinta ba. Ja ta tsaye a hankali, kada ka murɗa, za ka ji ta saki. Jefa ta cikin kwalba mai ɗan kalanzir ko sifirit ka rufe. Idan ka yar da mai ciki a tsakar gida, iri ka shuka. Wurin cizon a goge da sifirit ko aidin. In ɗan baki ya karye ya rage a fata, kada ka yi ta tono, jiki zai turo shi. Haka ake yi ko a jikin yaro aka same ta, illa idan cikin kunne ta shige, wannan a tafi asibiti. Duba cikin kunnen karen, tsakanin yatsu, hammata da gindin wutsiya, can take taruwa.

Baƙin mai da kalanzir da mutane ke shafa wa kare, da ɗosana ashana, duk ka bar su. Fata suke ƙonawa, kuma kare na lashewa. Ota-piya-piya kuwa ko kusa, kada ya taɓa jikin kare ko shimfiɗar yara. Na san gidan da aka yi wa kare wanka da irinsa, kafin la'asar yana dalalar da miyau yana karkarwa, bai kwana ba.

Abin da ya yi mini aiki shi ne yin kare da gini rana ɗaya. Da safe muka yi wa karen wanka da maganin kaska da ake kira amitiraz, mai ƙarfin kashi 12.5 cikin 100, mililita 2 a kowace lita ɗaya ta ruwa. Da sirinji na auna, ba da murfin kwalba ba, don a nan mutane ke zarcewa. Lita 5 ta ishe shi. Da soso muka jiƙa shi har fata, muka kauce wa ido da baki, ba mu ɗauraye ba, muka riƙe shi a inuwa har ya bushe don kada ya lasa. Haɗin a ranar ake amfani da shi, idan ya kwana ya lalace. Ba a yi wa ɗan kwikwiyon da bai kai wata 4 ba, ko kare marar lafiya. Kyanwa, doki da jaki kuwa wannan maganin guba ne gare su, kada a ce bari a rage musu saura. In ka ga karen ya yi laushi yana tangaɗi bayan wanka, wanke shi da sabulu da ruwa mai yawa ka kira likita.

Kafin ya bushe mun fitar da komai na zauren da ɗakin. Buhun nan na ƙone shi. Zannuwa da barguna aka wanke da tafasasshen ruwa, katifa da tabarmi aka kakkaɓe, aka bi ɗinkinsu da ido, aka shanya a rana. Katifa ba a fesa mata magani. Sharar da muka tara ita ma wuta aka sa mata. Sai feshi da injin goyo, da maganin ƙwari na saifametirin gwargwadon abin da aka rubuta a jikin kwalba. Bakin injin cikin tsaga na riƙa cusawa, daga sama har ƙasa, ciki da waje. Yara suka kwana ɗakin uwarsu, sai washegari bayan wurin ya bushe ya sha iska suka koma. Kaji ma a kulle su ranar, don suna tsintar matattun.

Inda na faɗi a karon farko shi ne na ga kwana 10 babu ko ɗaya, na ce an gama. Ashe feshi ba ya kashe ƙwan da ke can ciki. Dole a maimaita duka biyun, wanka da feshi, bayan kwana 14, a sake bayan wasu 14. Bayan na uku ne na sa magini ya toshe tsagogin ya yi yaɓe, don wadda ta ɓuya tana iya yin watanni ba ta ci komai ba tana jira. Makwancin karen na mayar bayan gida, kan daɓen siminti, nesa da bangon ɗakin kwana.

In da hali, tambayi likitan dabbobi ƙwayar maganin kaska da ake ba kare ya tauna gwargwadon nauyinsa, akwai ta wata 1, akwai mai kai wata 2 zuwa 3. Tana da tsada, amma duk wadda ta fito daga bango ta cije shi mutuwa take, sai karen ya zama tarko. Sai dai in yana yawo da karnukan unguwa da dare, zai ci gaba da kwaso sabuwa.

Ka ɗaga leɓensa ka duba dasashi. Idan ya yi fari maimakon ja, ko fitsarinsa ya yi duhu kamar ruwan shayi, ko yana haɓo, ko ya daina ci, cutar kaska ta riga ta shiga jini, wanka ba ya maganinta, sai a gaban likita. Yaran ma a riƙa duba kansu da bayan kunnensu kafin barci, musamman a zafin bazara da ta fi cizon mutane. Wanda ya yi zazzaɓi ko ƙuraje cikin mako 2 bayan cizo, ku faɗa wa likita cewa kaska ta cije shi, kada a tsaya kan maganin maleriya kawai.