"To" kawai na ce mai, yanzu ya zan gyara?

Tambaya: Malam, abokina ya turo min dogon saƙo a WhatsApp, an kwantar da ɗiyarshi asibiti, kwana uku bai buɗe shago ba a Tsohuwar Kasuwa. Ina kan mashin na rubuta "to" kawai. Tun jiya shiru. Mi zan rubuta da ba zai zama na ganin ido ba? Daga Mabera.

Amsa: Ɗan'uwa kar ka taɓa wancan "to" ɗin, bar shi inda yake. Damar gyara saƙo minti 15 ce kuma ta wuce, in ka goge kuma alamar gogewa zai gani ya shiga tunanin mi ka faɗa. Sabon saƙo za ka tura.

Amma don Allah ban da abin da nake fama da mutane kullum a kai, wai tsawon saƙo shi ne kulawa. Mutum ya je Facebook ko wani gurup ya kwaso addu'a shafi guda wadda wasu masu kiran kansu masana zamantakewa ke rabawa, ya jera hotunan zuciya da na kuka, ya ƙara da "aminina na har abada", alhali tunda kuke bai taɓa kiranka haka ba. Abokinka ya san yadda kake magana. Kai da kullum "mutumina" kake ce mai, yau ka koma mai wa'azi, wani lokacin ma har da tambarin Forwarded a sama, wallahi gara "to" ɗin, aƙalla shi naka ne. Addu'a ba laifi ba ce, amma wadda za a iya tura wa mutum ɗari ba a canza harafi ba, ba ta nuna mai ka karanta abin da ya rubuta, kuma shi abin da ke damunshi kenan.

Koma saƙonshi ka ɗauko abu ɗaya da ya faɗa, ka kawo uzurinka a gajarce, sai tambaya guda mai sauƙin amsawa. Misali:

"Mutumina yi haƙuri, jiya ina kan mashin na gani. Ya jikin yarinyar, ta samu barci kuwa? Allah ba ta lafiya. Shagon hwa, in akwai mai karɓar kaya gobe bar min makulli in tsaya maka."

Ka ga haƙurin layi ɗaya ne, in ka yi layi biyar kana wanke kanka ka mai da zancen naka, sai mai jinya ya koma lallashinka. Maganar shagon kuma kar ka sa ta in ka san ba za ka je ba.

In rubutu na ba ka wuya yi saƙon murya na daƙiƙa talatin. In shi ma ya maido maka da "to", kar ka bi shi da "ko fushi kake?", mutum ne a bakin gadon asibiti. Tambaye shi ɗakin da suke, bayan La'asar ka je dubiya.