Takardar Taimakon Gaggawa: Ranar Ƙarewarta Ce Abin Lura

"Malam, barka da aiki. Ina da ɗakin ajiyar kaya da ma'aikata 24, wasu na safe wasu na dare. Shekara uku da suka wuce na tura mutum huɗu suka koyo taimakon gaggawa. Da wani kamfani ya nemi ganin takardunsu kafin ya ba mu kwangila, sai muka tarar duka sun ƙare, ɗaya ma ya bar aiki. Yaya zan yi kada a maimaita?"

Alhaji, Allah Ya ƙara buɗi. Tun ranar da ka tura su huɗun tare aka ɗaura wannan matsalar, domin takardun da aka bayar rana ɗaya, rana ɗaya suke mutuwa.

Wa'adin ya danganta da ƙasa da kuma wanda ya bayar. A Birtaniya, takardar taimakon gaggawa ta wurin aiki shekara 3 take yi. Cikakken kwas ɗin kwana 3 ne, na sabuntawa kwana 2, kuma HSE, hukumar kula da lafiya da kariyar ma'aikata ta ƙasar, tana ba da shawarar a riƙa ɗan yin bita kowace shekara. A Amurka kuwa, katin farfaɗo da zuciya na Red Cross shekara 2 yake yi. Saboda haka kada ka ƙirga da ka. Ɗauko kowace takarda ka karanta ranar da aka buga a jikinta, sannan ka duba abin da dokar ƙasarka da kamfanin inshorarka suke bukata.

Ka buɗe rajista guda ɗaya, a littafi ko a kwamfuta. Kowace takarda da layinta, ba kowane mutum ba, domin direban motar ɗaga kaya yana iya riƙe takarda biyu masu wa'adi daban. A layin ka sa suna, lokacin aikinsa, irin takardar, wanda ya bayar, da ranar ƙarewa, ka kuma ajiye hotonta. In a Excel ne, kuma ranar ƙarewar tana gidan E2, wannan zai nuna maka kwanakin da suka rage:

```
=E2-TODAY()
```

Daga ranar ƙarewa ake ƙirgowa baya. A ce takardar mutum za ta ƙare ran 10 ga Maris. Saura kwana 90, wajen 10 ga Disamba ke nan, ka kama masa gurbi a wurin horarwa. Saura 60, ka tsara wanda zai riƙe masa aiki. Saura 30, ya kamata a ce ya riga ya zauna ajin. Wata guda da ya rage ratar tsaro ce, don aji yakan cika, mutum yakan kwanta rashin lafiya, wani ma ya faɗi gwajin. In aka bari ta ƙare aka daɗe, masu horarwa da dama ba sa karɓar mutum a gajeren kwas, sai ya sake daga farko. Ka ga ka biya kuɗin kwana uku, ka kuma rasa hannunsa na kwana uku.

Abin da ya fi damuna a tambayarka shi ne masu aikin dare. Rajista tana iya nuna mutum uku masu takarda, alhali dukansu na safe ne. In tulin kaya ya rufto wa wani da ƙarfe biyu na dare, wa zai durƙusa kansa? Ka tabbata kowane rukuni yana da aƙalla mutum biyu, don in ɗaya ya tafi hutu ɗaya yana nan. Ka kuma raba su: ɗan safe ɗaya da ɗan dare ɗaya su je yanzu, tun da kwangila na jira, sauran biyun bayan wata shida. Daga nan wa'adinsu ya rabu ke nan, kuɗin ma ba zai faɗo maka lokaci guda ba.

Takarda mai rai kuma ba ta nufin hannu bai manta ba. Danna ƙirji sau 30, hura iska sau 2, da saurin danna 100 zuwa 120 a minti, abu ne da yake zamewa mutum cikin watanni in ba ya yi. Gwada su ba tare da sanarwa ba: ka ce wane ya faɗi a bayan rumbun kaya, ka ga wa zai fara zuwa, da minti nawa za a yi kafin akwatin magani ya iso. In aka tsaya neman makullin ɗakin da akwatin yake, ka gano abin da rajista ba za ta nuna maka ba.

Rajistar a hannun mutum ɗaya za ka damƙa ta, ya duba ta ranar farko ta kowane wata ya kawo maka. Duk ranar da mai takarda ya ajiye aiki ko aka mayar da shi wani rukuni, a ranar za a gyara layinsa, a fitar da sunan wanda zai gaje shi.